Labarin Safiyya, amaryar da asid ya ci wa fuska ana saura mako uku biki

Rumaisa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wani gajeren labari da na rubuta. Ƙirƙira ce, kada wata ta fara tambayata wace ce. Masu sanin fata ku duba min ko abin da na faɗa yana faruwa haka, masu karatu kuma ku gaya min inda ya yi rauni.

Ana saura mako shida biki Safiyya ta fara ƙirga tabon fuskarta. Uku ne a haɓa, biyu a kuncin hagu, ragowar ƙurajen da suka zo suka wuce. Wanda bai sa ido ba ba zai gan su ba. Ita kuwa in ta tsaya gaban madubi su kaɗai take gani.

Ta sayo abu uku. Sabulun ruwa mai salisilik asid kashi 2 cikin 100, tona, wato ruwan goge fuska, mai gilaikolik asid kashi 7, da wani jan ruwa a ƙaramar kwalba mai asid kashi 30. A jikin kwalbar an rubuta kada ya wuce minti 10 a fuska, kada kuma a wuce sau biyu a mako. Safiyya ta karanta, ta yi nata lissafin. Mai shekara a gabanta aka rubuta wa wannan, ita mako shida gare ta. Sai ta riƙa wanke fuska da sabulun safe da dare, ta bi da tona a auduga safe da dare, jan ruwan kuma yau ta shafa gobe ta huta, tana barinsa minti 20.

A kwana na goma fuskar ta ɗauki wani ƙyalli. Ƙawayenta suka yi ta santi. "Amarya, me kike shafawa ne haka?" Ta yi dariya ta ƙi faɗa. Ba ta gaya musu cewa in ta yi dariyar tana jin fatar tana ja a gefen baki ba.

A mako na uku ruwan wanke fuska ma ya fara yi mata zafi. Man da take shafawa tun tana sakandare ya koma yi mata raɗaɗi har sai ta yi fifita da hannu. Ƙananan ƙuraje suka feso a goshi, inda ba ta taɓa yin ƙuraje ba. Ta ce datti ne ke fita, ta ƙara tona. Washegari ta tashi gefen hancinta da gefen bakinta sun yi duhu sun bushe, fatar tana saɓulewa.

Yayarta Hadiza ce ta tarar da ita a banɗaki tana kuka, ta ɗauki kwalaben ta karanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce komai ba, ta ce ta sa mayafi su tafi asibiti.

Likitar fata ta duba ta a ƙarƙashin fitila, ta tambayi ranar bikin. Safiyya ta ce saura kwana 21, ta kuma roƙe ta ta ba ta wani abu mai ƙarfi da zai gyara komai kafin lokacin.

"Mai ƙarfi ne ya kawo ki nan," in ji likitar. Ta rubuta abu uku: sabulu marar asid marar ƙamshi sau ɗaya da dare, man shafawa mai kauri safe da dare, man kariyar rana kowace safiya. "Zafin zai tafi kafin biki. Duhun ba zai gama tafiya ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Kada ki ɓare, kada ki goge."

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na zafin wuya. Ba abin da za ta yi. Ta saba kullum dare da auduga a hannu, yanzu sai ta shafa mai ta zauna. A kwana na biyar wata busasshiyar fata ta ɗago a gefen bakinta, ta daɗe tana kallonta, ta sa farce ta cire. Wurin ya yi ja, ya tsattsafo da ruwa, bayan kwana uku ya zama baƙin tabo da ya fi duk biyar ɗin da ta fara da su. Da kanta ta kwashe kwalaben da ƙaramin madubinta mai girmama fuska ta kai wa Yaya Hadiza ta ce ta ɓoye.

Daga nan ba ta sake taɓawa ba. In hannunta ya nufi fuska sai ta zauna a kansa. A kwana na goma ruwa ya daina zafi. A na sha shida saɓar ta tsaya.

Ranar biki mai kwalliya ta dube ta ta ce, "Fatarki tana karɓar hoda, sai dai wannan na gefen baki sai mun rufe." Safiyya ta ce a rufe. Da mai kwalliyar ta fara ba ta labarin wani haɗi da ke cire tabo cikin kwana uku, ta tambaye ta ko tana so, Safiyya ta ce a'a, likita ta ba ta wata shida, kuma yanzu ta ci uku daga cikin makonninsa.

Maman Iman: Kai, Rumaisa'u, kin sa gabana ya faɗi. Amma ni ƙarshen bai yi min ba. Ta sha wuya, ta yi haƙuri, ai sai ki bar ta ta warke tas ranar biki. Me ya yi zafi?

Zee: Maganin masu bilicin ke nan. Allah ya ba ki fatarki, kin ce sai kin canza.

Rumaisa'u: Zee, ba bilicin ta yi ba fa. Ba hasken fata take nema ba, tabon ƙuraje take son cirewa. Sake karantawa.

Zee: Duk ɗaya ne a wurina. Asid a fuska? Ai sunan kaɗai ya isa mutum ya gudu.

Anti Bilki: Ba ɗaya ba ne, ƙanwata. Aikina haɗa magunguna ne, irin fuskar Safiyya kuma ina ganinta a gaban kanta ta, musamman ta masu shirin biki. Waɗannan asid ɗin aikinsu a saman fata yake. Can sama akwai matattun ƙwayoyin fata da ke manne da juna, tsakaninsu akwai maiƙo. Wannan shimfiɗar ce ke hana ruwan jiki tsiyayewa, ita ce kuma ke hana abin da kika shafa ya isa inda jijiyoyi suke. Asid yana sassauta abin da ya manne su ne don na sama su zube da wuri. In an yi a hankali, fata tana santsi, tabo na sama-sama yana raguwa. In an zubar da su fiye da yadda jiki ke iya mayarwa, shimfiɗar ta yi siriri, ruwa yana fita, komai yana shiga. Shi ya sa ruwa zalla ya yi wa Safiyya zafi.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne ƙyallin kwana na goma. Rumaisa'u, nan kin yi daidai ƙwarai. Lafiyayyar fata ba ta da santsin gilashi, in kin matsa kusa za ki ga ƙananan zane-zane a kanta. In fuska ta wayi gari tana sheƙi alhali ba maiƙo a kai, in kin yi murmushi kina jin tana ja, to an kankare ta ne. A daidai wannan ranar ya kamata ta tsaya. Matsalar ita ce ranar ce mutane ke fara yabo.

Ummi K.: Anti, amma ai an ce in ka fara asid dole ƙuraje su fara fesowa kafin fuska ta gyaru. Ni haka ya faru da ni, na daure, bayan wata ɗaya fuskata ta yi fes. Ina ganin da Safiyya ta ci gaba da ta wuce wurin. Tsoro ne ya sa ta tsaya.

Anti Bilki: Ummi, rabin maganarki gaskiya ne. Wasu in sun fara salisilik ko ritinol, ƙurajen da dama suna hanya a ƙarƙashi kan fito da wuri. Amma waɗannan a inda kika saba yin ƙuraje suke fitowa, kamanninsu irin na da ne, kuma fatar da ke kewaye da su lafiyarta ƙalau. Na Safiyya a goshi suka fito inda ba ta taɓa yi ba, ƙanana iri ɗaya, ga zafi ga ja ga saɓa. Gwajin da nake ba mutane mai sauƙi ne: shafa man da kika saba da shi, wanda bai taɓa damunki ba. In ya yi raɗaɗi, ba datti ne ke fita ba, fatar ce a buɗe. Ke da kika daure, ruwa ya taɓa yi miki zafi?

Ummi K.: A'a gaskiya. Kuma ni sabulun kawai na yi amfani da shi, da dare.

Anti Bilki: To kin gani. Abu ɗaya, sau ɗaya a rana, kuma wanda ake wankewa. Ita abu uku ta haɗa, biyu daga ciki suna zama a fata.

Malam Sadiƙ: Ni ban san komai game da mai ba, a kan rubutun zan yi magana. Wurin da ta cire fatar nan da farce shi ne ƙashin bayan labarin. Da marubuciya ta sa likita ta yi magana kawai yarinya ta zama mai haƙuri, da ban yarda ba. Sai da ta sake ɓata abin da hannunta bayan an gargaɗe ta. Inda nake da ƙorafi shi ne angon. Ba a ji ɗuriyarsa ko sau ɗaya ba. Shi ya ce yana son fuska marar tabo? In ba shi ba ne, wa take tsoro?

Rumaisa'u: Malam, da gangan na cire shi. Na rubuta wani sashe inda yake ce mata shi bai ma taɓa lura da tabon ba, sai na ga labarin ya koma na namiji ya zo ya kwantar wa mace hankali. Hotuna take tsoro, da idon mata 'yan uwanta.

Malam Sadiƙ: To ki nuna min hakan a ciki. Yanzu ke kika sani, ni mai karatu ban gani ba.

Maman Iman: Anti Bilki, don Allah koma kan tambayata. Da gaske tabon ba zai tafi a mako uku ba? Ko marubuciya ce ta so ta wahalar da ita?

Anti Bilki: Da gaske ne, Maman Iman. Abu biyu ne suka same ta, kowanne da nasa lokacin. Na farko lalacewar saman fata. Wannan in an bar shi ya huta, zafi kan lafa cikin kwanaki, saɓa ta tsaya cikin mako biyu zuwa huɗu, ya danganta da yadda ɓarnar ta kai. Ai fatar matashi kusan mako huɗu take ɗauka kafin sabuwar ƙwaya ta taso daga ƙasa ta iso sama ta zube. Ba man da zai mayar da shi kwana uku.

Na biyu shi ne duhun, kuma mu masu baƙar fata ya fi shafa. Duk inda fatarmu ta ji ciwo ko ta kumbura, ƙwayoyin da ke yin launi sukan ƙara zuba melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, a wurin. Farar fata takan yi ja ta koma daidai, tamu kuwa sau da yawa jan ba ya ma fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu. Shi ya sa da yawa ba sa gane sun ƙone, suna jiran su ga ja. In launin a sama ya tsaya, ruwan ƙasa-ƙasa, yakan ɗauki wata 6 zuwa 12 yana dusashewa. In ciwon ya yi zurfi launin ya faɗa ƙasan fata, za ki ga ya yi toka-toka, wannan yana iya shekaru. Wurin da ta ɓare da farce har ya tsattsafo da ruwa shi ne mai haɗarin zama irin na biyun. Abin takaicin, tabo biyar ɗin da ta fara yaƙi da su ma ta wannan hanyar suka samu, ƙuraje ne suka kumbura suka bar duhu. Garin neman gira ta kusa rasa ido.

Hauwa Jidda: Innalillahi. Ni fa labarina kuka rubuta. Bikina saura mako biyar, fuskata tana zafi tun shekaranjiya, gefen hanci yana saɓa. Wata ta ba ni wani ɗan bututun mai, na shafa jiya da dare, da safe zafin ya tafi gaba ɗaya, har wurin ya ɗan yi haske. In ci gaba da shi har biki?

Anti Bilki: Ɗauko bututun ki karanta min abin da ke jiki.

Hauwa Jidda: An rubuta Clobetasol propionate 0.05%.

Anti Bilki: Ajiye shi, Hauwa. Wannan yana cikin mafi ƙarfin magungunan sitiroid na shafawa, ba a yi shi don fatar fuska ba. Yana kashe kumburi ne nan take, shi ya sa kika ji daɗi, hasken kuma jijiyoyin jini ne suka tsuke. Shafawar dare ɗaya ba za ta yi miki komai ba. Amma mako biyar a fuska yana iya sa fatar ta ƙara siriri, ƙuraje su feso, wasu su kewaye baki, ranar da kika daina kuma zafi ya dawo fiye da na da. Ki lissafa ki ga ranar da hakan zai faɗo. In akwai buƙatar sitiroid, likita kan ba da marar ƙarfi na 'yan kwanaki ne bayan ya ga fuskar da idonsa.

Daga yau ki tsayar da komai: asid, ritinol, bitamin C, sabulu mai tsakuwa-tsakuwa, burushin fuska, har goge fuska da tawul. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Sabulu mai laushi da dare kawai, da safe ruwa ya isa. Ki shafa mai marar turare tun fuskar tana da ɗan danshi, ki nemi mai gilisarin ko seramaid a ciki. Inda ya tsage ki ɗora basilin kaɗan a kai. In kin ga ƙuraje masu ruwa, ko ɓawon ciwo mai ruwan zuma, ko fuska ta kumbura, ko bayan mako guda ba sauƙi, wannan ya wuce shawarar waya, ki ga likitan fata.

Ummi K.: Basilin a fuska? Anti, ni toshe min fuska yake, washegari sai ƙuraje.

Anti Bilki: Wasu masu maiƙon fuska suna faɗin haka, ba zan musa miki abin da kika gani a fuskarki ba. Shi ya sa na ce inda ya tsage kawai. Amma a wurin hana ruwa fita daga fata, da wuya a samu abin da ya kai shi.

Ummi K.: Ni dai har yanzu ba zan saka ba.

Zee: Man kariyar ranar nan fa? Mu baƙaƙe rana tana ƙona mu ne?

Anti Bilki: Ba ƙuna kaɗai ake gudu ba, Zee. Rana tana ƙara wa tabo duhu, ko da ba ki ji zafinta ba. Kuma gilaikolik da 'yan uwansa suna sa fata ta fi jin rana. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka tun 2005 ta ba da shawarar a riƙa rubuta gargaɗi a jikin irin waɗannan kayan, cewa a kare fata daga rana lokacin amfani da su har zuwa mako guda bayan an daina. A nemi man rana mai SPF 30 ko sama da haka, wato lambar ƙarfin kariyar da ke jikinsa. Ga mai tabo, wanda aka sa wa launi irin na hoda ya fi, domin yana tare hasken da ido ke gani, shi ma yana ƙara duhu a baƙar fata. In na ruwa-ruwan nan yana yi wa buɗaɗɗiyar fata zafi, a nemi mai sinadarin zink.

Maman Iman: To wai kashi 30 ɗin nan, ya ma aka yi ake sayar wa mutane su kai gida?

Anti Bilki: Nan ni ma ina da ja. Ma'aunin da masanan kayan kwalliya a Amurka suka ce ba laifi a yi amfani da shi a gida shi ne kada ya wuce kashi 10, pH ɗinsa kuma, wato lambar da ke raguwa in tsami ya ƙaru, kada ya gaza 3.5. Kashi 30 sun bar wa ƙwararru ne, a shafa na ɗan lokaci a wanke. Akwai waɗanda fatarsu ta saba suna yi a gida lafiya, suna bin minti 10 ɗin. Ni dai ba zan miƙa wa wadda ba ta taɓa sa asid a fuska ba, balle mai biki a gaba.

Rumaisa'u: Anti, da Safiyya ta zo wurinki tun ranar farko, saura mako shida, me za ki ce mata? Ina so in ga ko zan saka a bakin Yaya Hadiza.

Anti Bilki: Zan ce ta zaɓi ɗaya. In ƙuraje da maiƙo ne damuwarta, salisilik, domin yana narkewa a maiƙo yana shiga ramin gashi. In tabo ne kawai, laktik ko mandelik sun fi gilaikolik sauƙi, saboda gilaikolik ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, ya fi saurin shiga. Ta gwada a gefen muƙamuƙi ta jira kwana biyu. Sannan dare biyu a mako, da man rana kullum. Ana saura mako biyu biki kada ta kawo wani sabon abu fuskarta. Kuma zan gaya mata tabon zai ragu ne kawai, ba zai ɓace a mako shida ba, sauran aikin mai kwalliya ne.

Malam Sadiƙ: Kada ki saka wannan a bakin Hadiza. Shirun da ta yi tana karanta kwalaben ya fi kyau. In ta fara jero sunayen asid labarin ya zama darasi.

Maman Iman: Ni kuma ina so a saka. Yarinyar da za ta karanta ta san abin da za ta yi, ba abin da za ta bari kawai ba.

Rumaisa'u: Zan gwada duka biyun in ga. Maganar tsoron hotuna dai na karɓa, Malam, zan ƙara.

Hauwa Jidda: Anti Bilki, na ajiye bututun. Amma jibi ne za mu je gwajin kwalliya, na riga na yi alƙawari da mai yi. In je?

Anti Bilki: Ɗage shi. Ba hodar ce kaɗai matsalar ba, gogewar da za a yi wajen cire ta ita ce za ta ƙara buɗe wurin. Ki bari sai kin yi kwana uku a jere kina shafa manki ba tare da raɗaɗi ba, saɓar kuma ta tsaya. Mako biyar gare ki, akwai lokaci. Me da me kike shafawa kafin zafin ya fara? Rubuto min duka, har sabulun wanka in kina kai shi fuska.